Casa'in da ɗaya

Takardar gwajin ta dawo hannuna da maki goma sha tara cikin ashirin, ni kuwa idona bai tsaya a kan goma sha taran ba. Wurin da na nufa kai tsaye shi ne tambaya ta goma sha huɗu, inda jan biro ya ja layi a kan amsata. Ina 'yar shekara goma sha uku a lokacin, kuma a lissafi ban saba ganin ja a takardata ba, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai.

Tambayar ba ta da tsawo. An ba mu lambobi biyar, 51, 67, 87, 89 da 91, aka ce mu fitar da waɗanda suke firam. Ga wanda ya daɗe da barin aji, lamba firam ita ce wadda ta fi ɗaya, kuma babu abin da yake raba ta daidai ba saura sai ɗaya da ita kanta. Bakwai firam ce. Tara ba firam ba ce, domin uku tana raba ta. Ni na rubuta 67, 89 da 91. Malam ya yi wa biyun farko alamar daidai, ya zagaye 91, ya sa alamar tambaya a gefenta. Bai rubuta ko kalma ɗaya ba.

Na tabbata Malam ne ya yi kuskure, domin ina da wata ƙa'ida da na fi wata shida ina aiki da ita, ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ga yadda take a kaina: duk lambar da ke maƙwabtaka da gidan shida firam ce. Gidan shida su ne 6, 12, 18, 24, haka har gaba. In lamba ta ɗara ɗaya daga cikinsu da ɗaya, ko ta gaza ta da ɗaya, shi ke nan, na gama da ita. Biyar da bakwai suna gefen shida. Sha ɗaya da sha uku suna gefen sha biyu. Sha bakwai da sha tara suna gefen sha takwas. Duka shidan firam ne, kowa ya duba zai gani. Ita ma 91 ai tana jikin 90, kuma 90 shida sau goma sha biyar ce. Ina laifina?

Da aka tashi na bi Malam har bakin ofishin malamai, takardar a hannuna. Na gaishe shi, na ce, “Malam, ina ganin akwai inda aka yi mini kuskure a maki.”

Ya karɓa ya duba. “Wace tambaya?”

“Ta goma sha huɗu, Malam. Casa'in da ɗaya firam ce.”

“Me ya sa kika ce haka?”

Na zayyana masa ƙa'idata tiryan-tiryan, har da ɗan alfahari, domin a zatona ba kowa ya san ta a ajin ba. Ya saurare ni har na kai aya. Sai ya ce, “A ina kika samo ta?” Na ce ai shi ya koya mana, a zangon da ya wuce. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ciro biro daga aljihun rigarsa, ya juya bayan takardata, ya ce in raba 91 da bakwai a gabansa.

Na jingina takardar da bango na fara. Bakwai cikin tara sau ɗaya, saura biyu. Na sauko da ɗaya, ya zama ashirin da ɗaya. Bakwai cikin ashirin da ɗaya sau uku. Babu saura. Na tsaya ina kallon 13 ɗin da na rubuta da hannuna. Na sake ninkawa don in kama kaina da kuskure: bakwai sau goma saba'in, bakwai sau uku ashirin da ɗaya, a haɗa, casa'in da ɗaya. Ba inda zan ɓuya.

Ina jira ya yi mini bayani, amma bai yi ba. Cewa ya yi, “Ki je gida ki nemo littafin da kika rubuta ƙa'idar nan a ciki. Ki karanta abin da na faɗa, ba abin da kika tuna ba. Gobe ki zo ki gaya mini bambancin.” A lokacin na ji haushin wannan. Yanzu ina ganin da ya warware mini a tsaye a bakin ƙofar nan, da na gyaɗa kai na ce na gane, in tafi da kuskurena yadda na zo da shi, illa dai in ƙara 91 cikin lambobin da ake kiyayewa.

Da daddare na zazzage jakar tsofaffin littattafaina har na samo shi. Shafin yana nan, da kwanan wata a sama. Abin da na kwafa daga allo, da rubutuna mai kyau na ranar da nake natse, shi ne: “Duk lamba firam da ta wuce 3, tana kusa da gidan shida, ko ta ɗara da ɗaya ko ta gaza da ɗaya.” A ƙasa akwai 6n + 1 da 6n − 1. Wannan daidai ne, ba kuskure ko ɗaya. Amma a gefen shafin, da fensir, a karkace, akwai wani ɗan rubutu da na yi daga baya lokacin da nake bitar jarrabawa. Na taƙaita jimlar don ta yi saurin haddatuwa: “kusa da shida = firam.”

Na daɗe ina kallon wannan alamar daidai ɗin, 'yan layuka biyu kwance. Malam ya ce duk firam tana kusa da shida. Ni na mayar da ita duk wadda ke kusa da shida firam ce. Kalmomin kusan ɗaya ne, na dai sauya musu wurin zama, kuma alamar daidai ta ba ni izinin karantawa daga hagu ko daga dama yadda na ga dama. Duk kaza tsuntsuwa ce, amma wa zai ce duk tsuntsuwa kaza ce? In da a kan kaji aka yi maganar da ban taɓa ruɗewa ba, domin na san shaho. A lambobi kuwa ban san shahon ba sai ranar da ya ɗauke mini maki.

Yayana, wanda yake gaba da ni da aji uku, ya same ni zaune a ƙasa da littattafai barbaje. Na nuna masa shafin. Ya karanta jimlar Malam, ya karanta tawa, ya yi dariya, sannan ya ce, “To ke kin san dalilin da ya sa ta Malam take gaskiya?”

Na ce, “Ai ƙa'ida ce, Yaya.”

“Na ji ƙa'ida ce. Me ya sa?”

Ban sani ba. Wata shida ina amfani da abu ban taɓa tambayar daga ina ya fito ba. Ya zauna ya ce in ɗauki kowace lamba a duniya in raba ta da shida, saura nawa zai iya ragewa? Na ce ko ba saura, ko ɗaya, ko biyu, har zuwa biyar. Ya ce to mu bi su ɗaya bayan ɗaya. In ba saura, shida ta raba ta, ba firam ba ce. In saura biyu ne ko huɗu, lambar cika ce, biyu za ta raba ta, kamar 20 ko 22. In saura uku ne, uku za ta raba ta, domin uku tana raba shidan kuma tana raba sauran, kamar 21 ko 27. Ƙofa shida ke nan, an rufe huɗu. Ba abin da ya rage sai saura ɗaya da saura biyar, kuma saura biyar shi ne a ce lamba ta gaza gidan shida na gaba da ɗaya. Saboda haka firam da ta wuce uku ba ta da wurin zama sai waɗannan biyun.

Yana gama faɗa na ga ramin da kaina, tun kafin ya nuna mini. A duk wannan bayanin, biyu da uku kawai aka ambata. Ƙa'idar ba ta san da zaman biyar ba, ba ta san bakwai ba, balle sha ɗaya ko sha uku. Abin da kawai take tabbatarwa game da lambar da ke gefen shida shi ne biyu ba ta raba ta, uku ma ba ta raba ta. Ko wani abu dabam yana raba ta, wannan ba ta ce komai a kai ba. Casa'in da ɗaya ta tsallake biyu, ta tsallake uku, ta zo ta zauna a gefen casa'in hankali kwance, alhali bakwai da sha uku ne suka haife ta.

Wani abu kuma ya dame ni fiye da wannan. In ƙa'idata a juye take, ta yaya na yi wata shida ban faɗi ba? Yaya ya tafi ya kwanta, ni kuwa na ɗauki sabon shafi na rubuta duk maƙwabtan gidan shida da ke ƙasa da ɗari, tun daga 5 da 7 har zuwa 95 da 97. Na ƙirga, guda talatin da biyu. Sai na bi su ɗaya ɗaya ina rabawa da hannu, ba ƙa'ida, ba gajeriyar hanya. Ashirin da uku suka fito firam na gaskiya. Tara suka faɗi: 25, 35, 49, 55, 65, 77, 85, 91 da 95.

Da na jera taran nan a layi ɗaya sai na ga abin da ya rufa mini asiri duk tsawon lokacin. Shida daga cikinsu da biyar suka ƙare, kuma tun ina firamare na san duk lambar da ta ƙare da biyar, biyar tana raba ta. Idona yana jefar da su tun kafin in kai ga tuna ƙa'idar shida, don haka ban taɓa gwada ta a kansu ba. Ita 49 tana cikin jadawalin sau da muka haddace da waƙa, bakwai sau bakwai, ba mai ruɗa ni da ita. Ita kuma 77 fuskarta kaɗai ta tona ta. Saura guda ɗaya tak a ƙasa da ɗari wadda ba ta ƙare da biyar ba, ba ta da lambobi masu maimaituwa, kuma jadawalinmu bai kai gare ta ba, domin a sau goma sha biyu muke tsayawa, bakwai sau sha biyu tamanin da huɗu. Bakwai sau sha uku taki ɗaya ne kacal bayan inda haddarmu ta ƙare. Ina zargin Malam ya san haka sarai lokacin da ya sa ta a gwajin.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne 25. Na san ba firam ba ce, na kuma san tana jikin 24. Duka biyun suna kaina, ɗaya a wannan lungu ɗaya a wancan, ban taɓa haɗa su wuri ɗaya ba. Da na haɗa su ko sau ɗaya, da ƙa'idata ta rushe tun a makon farko.

Akwai dalili na biyu, shi kuma sai da na koma kan takardar gwajin na gane shi. Na duba yadda na yi da 51 da 87. Hamsin da ɗaya tana tsakanin 48 da 54, ta yi nisa da kowacce da uku, sai na jefar da ita, kuma na yi daidai, domin uku sau sha bakwai ce. Haka 87, tana tsakanin 84 da 90, uku sau ashirin da tara. A nan ba ƙa'idata ta juye na yi amfani da ita ba, ta Malam ce ta gaskiya. In duk firam tana gefen shida, to wadda ba ta gefen shida ba firam ba ce, muddin ta wuce uku. Wannan juyin halal ne, kuma ba ya taɓa kuskure. Wato ƙa'idar tana da ikon ta ce “a'a” da cikakken tabbaci. Abin da ba ta da ikon faɗa shi ne “e”. Iyakarta ta ce “wataƙila, je ki bincika.” Yawancin tambayoyin da ake ba mu kuwa na tsame bare ne, irin su 51 da 57 da 87 masu kama da firam alhali uku tana raba su, kuma a wannan aikin ƙa'idar ba ta da na biyu. Nasarar da nake samu wajen korewa ita ta sa na amince da ita wajen karɓa.

Washegari na je wurin Malam da shafina. Na ce, “Malam, juya ta na yi.” Na karanta masa jimlarsa, na karanta masa tawa, na nuna masa lambobi taran. Ya bi su da yatsa yana gyaɗa kai. Da ya zo kan 91 ya ɗaga ido ya dube ni, bai ce komai ba, amma na ga murmushin da yake dannewa.

Sai ya ce, “To yanzu in na ba ki lamba, ta tsallake gwajin shida, me za ki yi?”

Na ce zan raba ta da kowace lamba har in kai gare ta. Ya ce in haka ne zan kwana a ɗakin jarrabawa. Ya nuna mini abu biyu da suka rage aikin. Na farko, ba sai na gwada kowace lamba ba, firam kawai zan gwada. In biyu ba ta raba lamba ba, huɗu da takwas da goma ba za su raba ta ba, in uku ta kasa, tara ma za ta kasa. Na biyu, akwai inda ake tsayawa. Masu raba lamba tafiya suke biyu-biyu, ƙarama da babba, kamar bakwai da sha uku a 91. Ba zai yiwu duka biyun su zama manya ba. Don haka da zarar na kai firam ɗin da in na ninka ta da kanta za ta wuce lambar da nake bincike, sai in tsaya, domin in da akwai babbar mai rabawa, da na riga na ci karo da ƙaramar abokiyarta a baya.

Muka gwada da 89. Biyu da uku an riga an gama da su, tunda tana gefen casa'in. Biyar ba ta shiga, domin ba ta ƙare da biyar ko sifili ba. Bakwai sau sha biyu tamanin da huɗu, saura biyar, ba ta shiga. Ta gaba ita ce sha ɗaya, kuma sha ɗaya sau sha ɗaya 121 ne, ya wuce 89. A nan aka tsaya, 89 firam ce. Na yi mamakin gajartar abin. Ashe duk lambar da ke ƙasa da ɗari, gwaji huɗu ne kawai take bukata, biyu, uku, biyar da bakwai. Ni ina yin ukun farko ba tare da na san ina yi ba, na bar na huɗun, kuma ramin da na bari daidai girman 91 yake.

Malam ya ce abin da na yi da daddare, na jera lambobi ina soke waɗanda suka rabu, tsohuwar hanya ce da ake dangantawa da Eratosthenes, masanin Girka da ya shugabanci ɗakin karatu na Iskandariyya fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. Ana kiranta rariya. A soke 'ya'yan biyu, a soke 'ya'yan uku, sannan na biyar, sannan na bakwai, abin da ya tsira shi ne firam. Ƙa'idar shida, in ji shi, ba komai ba ce illa tankaɗe biyun farko na wannan rariyar. Ni na tankaɗe sau biyu na ce gari ya yi laushi.

Ya ba ni aikin gida ni kaɗai, in yi daga ɗari zuwa ɗari biyu. A nan ne na ga irin sa'ar da na yi da gwaje-gwajenmu ba su cika wuce ɗari ba. Maƙwabtan shida a wannan tsakanin talatin da huɗu ne, firam ashirin da ɗaya, na bogi goma sha uku. Kuma wasu daga cikin na bogin sun daina zuwa da alama a goshi. Ga 119, bakwai sau sha bakwai. Ga 133, bakwai sau sha tara. Ga 143, sha ɗaya sau sha uku, ga 161 da 187. Ba wadda ido zai kama a cikinsu, sai an zauna an raba. Daga baya, da na ga jerin firam da ke ƙasa da dubu, guda 168, na cire biyu da uku saura 166, na lissafa maƙwabtan shida a wannan tazarar na samu 332. Rabi cif. Wato a ƙasa da dubu, tsohuwar ƙa'idata ba ta fi a jefa kwabo sama a ce kai ko wutsiya ba, kuma in aka ƙara gaba sai ta ƙara lalacewa, domin firam suna ƙara yin nisa da juna, gidan shida kuwa yana nan da tazararsa.

Makin bai dawo ba, kuma ban sake roƙo ba. Na goge rubutun fensir ɗin, na rubuta a wurinsa: “ba kusa da shida ba, ba firam ba. Kusa da shida, a gwada 5, 7, 11, 13.” Ya fi na da tsawo, bai kuma yi daɗin haddacewa ba.

Aiki ɗaya ya rage mai nauyi. A makon bita na koya wa ƙawata da muke zama benci ɗaya wannan ƙa'ida, a juyenta, har ina ce mata sirri ne kada ta yaɗa. Ita ma ta rasa tambaya ta goma sha huɗu, amma ta ɗauka kuskuren ƙirga ta yi, ba ta bi ba'asi ba. Lokacin tara na same ta na ce, “Ƙawata, abin nan da na koya miki na gidan shida, juyayye ne.”

Ta ce, “Kamar yaya juyayye? Ai yana aiki.”

Na buɗe bayan littafinta na rubuta 119, na miƙa mata biro. Ta duba, ta ce tana jikin 120, firam ce. Na ce ta raba da bakwai. Ta fara, bakwai cikin sha ɗaya sau ɗaya, saura huɗu, ta sauko da tara. Sai biron ya tsaya a kan arba'in da tara, ta ɗago ta harare ni.

“Mutum nawa kika koya wa wannan?”

Na ce ita kaɗai.

Ta ce, “To ni na koya wa mutum uku. Tashi mu je.”